Dattijona da aka ɗauka mai waina ce

Yau da la'asar ina zaune a ƙofar gidanmu a Gwammaja ina zanen kashi na 14 na barkwancin dattijon nan nawa mai shayi, sai na yi gwajin da na daɗe ban yi ba. Na ɗora farar takarda a kan zanen, na bi gefensa da alƙalami, na cike cikin da baƙin tawada, ba ido ba baki, inuwa kawai. Na miƙa wa 'yar yayata mai shekara shida na ce, "Ke, wane ne wannan?" Ta juya takardar sau biyu, ta ce, "Kawu, mai waina ce?"

Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na ɗauko kashi na 1 na jera su. A can, idan aka auna shi da girman kansa, tsayinsa kai uku ne cif, hularsa doguwa ta karkata hagu, tumbi kamar tulu, buta a hannu nesa da jiki har ana ganin fili tsakaninsu. A na yau ya kai kai huɗu, hular ta zauna, na ƙara masa babbar riga ta haɗiye tumbin da butar. Ban canza shi rana ɗaya ba, kullum kashin jiya nake kallo ina kwafa, kuskure yana hawa kan kuskure. Yanzu na zana shi gaba, gefe da baya a takarda ɗaya, na ja layukan awon kai, na manna a bango. Rigar nan kuwa ta yi kyau, har yanzu ina jin zafin cire ta.