Buhun taki 16 da teburin da ya dace da su

Ƙanwata da ke karatu a Samaru ta turo min hoton wata tsohuwar tambayar jarrabawa, takardar duk ta ji jiki. Ga abin da tambayar ta ce: wani kamfani yana iƙirarin cewa matsakaicin nauyin buhun takinsa kilo 50 ne. An auna buhu 16, matsakaicinsu ya zo 48.5, ma'aunin warwatsuwarsu kuma 2.4. A gwada a matakin 1% ko nauyin ya gaza abin da kamfanin ya faɗa, bisa ɗaukar cewa nauyin yana bin tsarin nomal.

Sai da na buɗa hoton sosai na kwafe alƙaluman a takarda kafin na fara, domin 1% da 5% suna iya rikicewa a hoto mai dishi-dishi, kuma a wannan tambayar amsarsu ba ɗaya ba ce.

Kalmar "ya gaza" ita ta nuna min gwajin na ɓangare ɗaya ne, na hagu. H0 shi ne iƙirarin kamfanin, H1 shi ne zargin da ake gwadawa, μ kuma matsakaicin nauyin duk buhunan kamfanin:

```
H0: μ = 50
H1: μ < 50
```

Inda muka daɗe shi ne zaɓen teburin da za mu duba iyakar yin watsi da H0, na z ko na t. Ta ce, "Yaya, ai z za mu ɗauka, ga 2.4 an ba mu." Na ce ta sake duba daga ina 2.4 ɗin ya fito. Daga buhu 16 ɗin nan aka lissafa shi, ba daga duk kayan kamfanin ba, wato s ne, ba σ ba. Tunda shi kansa ƙiyasi ne, ga samfurin kuma ƙarami, teburin t ne ya dace, saboda iyakarsa ta fi nisa don ta rufe wannan rashin tabbas.

```
t = (48.5 − 50) / (2.4 / √16) = −1.5 / 0.6 = −2.5
df = 16 − 1 = 15
```

A layin df 15, wato yawan buhunan a cire ɗaya, ɓangare ɗaya, 1%, teburin ya ba da 2.602, don haka iyakarmu −2.602 ce. Namu −2.5 bai kai can ba, saura ƙiris, saboda haka ba a yi watsi da H0 ba. Da z aka ɗauka, iyakar −2.326 ce, kuma da an yanke wa kamfanin hukuncin da hujja ba ta kai ba. Da kuwa 5% ne, iyakar −1.753 ce, a nan watsin daidai ne.

Jimlar ƙarshe ma sai da muka gyara ta. Ta so ta rubuta cewa an tabbatar buhunan kilo 50 ne. Na hana, domin gwajin bai nuna haka ba. Buhu 16 ne kawai ba su isa su kama gibin a wannan matakin ba. Abin da ta rubuta: a matakin 1%, babu isasshiyar hujja cewa matsakaicin nauyin buhun takin ya gaza kilo 50.