Idan jimlar Excel ta ƙi motsi, kada ku fara goge fomula

Ƙannena masu fara aiki da Excel, abin da ya fi yi wa sabon hannu ɓarna a wannan manhaja shi ne lambar da ke zaune lafiya lau a ƙasan teburi alhali ba daidai take ba. Saƙon kuskure irin su `#VALUE!` ko `#N/A` gara shi, domin ya fito fili ya ce akwai matsala. Jimlar da ta yi shiru kuwa sai an tura rahoto, wani ya lissafa da kansa, sannan a gane. Kuma galibi fomular ba ta da laifi. Laifin yana ɗaya daga wurare biyu: ko an hana manhajar yin lissafi da kanta, ko kuma abin da kuke gani kamar lamba rubutu ne a wurinta.

Ku fara da mai sauƙin. Ku canza wata lamba da fomular ta dogara da ita, ku danna `Enter`, ku kalli sakamakon. Idan bai motsa ba, ku danna `F9`. In ya gyaru nan take, to an kama ɓarawo: yanayin lissafi yana kan `Manual`. Ku shiga `Formulas`, ku buɗe `Calculation Options`, ku mayar da shi `Automatic`. Akwai ma wata alama da mutane ba sa lura da ita. Duk lokacin da fayil yake kan `Manual` kuma akwai lissafin da ke jira, kalmar `Calculate` tana fitowa a siririn layin nan na can ƙasan allo.

Tambayar da ta fi amfani ita ce, wa ya sa shi a `Manual`? Sau da yawa ba kowa ba ne a cikinku. Excel yana ɗaukar yanayin lissafi daga fayil na farko da aka buɗe, sannan ya ɗora shi a kan duk sauran fayilolin da za a buɗe kafin a rufe manhajar. A ce wani ya turo muku babban fayil mai nauyi, wanda ya sa a `Manual` don kada kwamfutarsa ta riƙa tsayawa. Kun buɗe shi da safe, sannan kuka buɗe naku. Naku ma ya daina lissafi. Idan kuka adana shi a haka, ya tafi da wannan yanayin, gobe kuma in shi aka fara buɗewa zai shafa wa wasu. Shi ya sa gyaran bai cika ba sai kun mayar da `Automatic` kuma kun adana fayil ɗin. Wanda fayil ɗinsa ya yi nauyin da dole sai `Manual`, ya riƙe maɓallai uku: `F9` yana lissafa abin da ya canza a duk fayilolin da ke buɗe, `Shift+F9` shafin da ake kai kawai, `Ctrl+Alt+F9` kuma yana tilasta a sake lissafa kowace fomula, ko ta canza ko ba ta canza ba.

Wata alamar `Manual` da ke ruɗar mutane ita ce a ja fomula ƙasa, sai kowane layi ya nuna amsar layin farko. In kun duba za ku ga adireshin akwatunan ya canza daidai, `B2` ya zama `B3`, amsar ce kawai ba a sabunta ba.

To, idan `F9` bai yi komai ba, maganar ta koma kan tsarin akwati, kuma nan ne aikin yake.

Kowane akwati yana da tsari, wanda ake gani a `Home`, a sashen `Number`: `General`, `Number`, `Date`, `Text` da sauransu. Idan akwati yana kan `Text` kafin a rubuta komai a ciki, duk abin da aka shigar Excel zai ɗauke shi a matsayin rubutu. Ku rubuta `=B2*C2`, zai nuna muku `=B2*C2` ɗin nan yadda kuka rubuta, ba amsa. Kafin ku zargi tsari, ku duba ko fomulolin shafin gaba ɗaya ne suka fito haka. In duka ne, kuma akwatunan sun yi faɗi, an kunna `Show Formulas` ne, yana nan a ƙarƙashin `Formulas`, dannawa ɗaya ta kashe shi. In akwati ɗaya ne ko layi ɗaya na tsaye, to `Text` ne, ko kuma an bar fili kafin alamar `=`.

Inda kusan kowa yake tuntuɓe shi ne nan: a mayar da tsarin zuwa `General`, a ga ba abin da ya canza, a ce ai ba shi ba ne. Shi ne. Canza tsari kamar sauya takardar da aka liƙa a jikin buhu ne, abin da ke ciki yana nan yadda aka zuba shi. Excel yana yanke hukuncin lamba ce ko rubutu a lokacin da aka shigar da abu, saboda haka dole a sake shigarwa. Bayan kun mayar da `General`, ku danna `F2` sannan `Enter`, fomular za ta tashi. Haka kuma akwai wata ɗabi'ar Excel mai ban haushi: idan kuka rubuta fomula irin `=A2` a akwati mai `General`, alhali `A2` yana kan `Text`, sabon akwatin yakan gaji tsarin `Text`. Da farko zai yi aiki, ranar da kuka taɓa shi don gyara sai ya koma rubutu.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. Ga adadin kaya a akwatuna biyar, daga `B2` zuwa `B6`: 120, 85, 240, 60, 95. A kai ma an san 600 ne. Amma a `B7` an rubuta:

```
=SUM(B2:B6)
```

sai ta ba da 455. Babu saƙon kuskure, `F9` bai canza komai ba. Giɓin 145 ne, wato 85 da 60. Waɗannan biyun an kwafo su daga wani wuri, sun shigo a matsayin rubutu, ita kuma `SUM` al'adarta ce ta tsallake rubutu ba tare da ta ce uffan ba. Abin da ke ƙara rikita mutum shi ne, in ya rubuta `=B2+B3+B4+B5+B6` zai samu 600, domin alamar `+` tana ƙoƙarin mayar da rubutu lamba kafin ta haɗa. Fomula biyu, akwatuna ɗaya, amsa biyu. Duk ranar da kuka ga haka, kada ku nemi wani dalili.

A akwatuna biyar ido zai gano su. Lamba tana jingina da dama, rubutu da hagu, kuma sau da yawa akwai ɗan koren alama a kusurwar sama ta hagu. Sai dai ido ba abin dogaro ba ne, domin in an daidaita komai a tsakiya bambancin ya ɓace, koren alamar ma ana iya kashe ta. A teburi mai layi dubu ga gwajin da ba ya ƙarya:

```
=COUNT(B2:B6)
=COUNTA(B2:B6)
```

Ta farko tana ƙirga lambobi kawai, ta biyu tana ƙirga duk akwatin da ba fanko ba. A misalinmu za a samu 3 da 5, wato akwai baƙi biyu. Don a san ko su wane ne, a rubuta `=ISNUMBER(B2)` a gefe a ja ƙasa, duk inda aka ga `FALSE` nan ne. Ni a ganina wannan ƙirge biyun ya cancanci zama na dindindin a ƙasan duk teburin da ake zuba wa bayanai daga waje.

Gyaran bai da wuya. In akwai koren alama, ku zaɓi akwatunan, ku danna alamar gargaɗin da ta fito, ku zaɓi `Convert to Number`. In layin dogo ne, ku mayar da tsarinsa `General`, ku zaɓe shi, ku shiga `Data`, `Text to Columns`, ku danna `Finish` kai tsaye. Wannan yana sake shigar da kowane akwati a lokaci guda, maimakon ku zauna kuna `F2` da `Enter` har dare. Layi ɗaya na tsaye yake karɓa a kowane zagaye.

Wani lokacin duk an yi wannan, akwati ɗaya ya kafe, har alamar `+` ma ta gaza a kansa. A ce 60 ya gyaru, jimla ta zama 515, amma 85 ya ƙi, `=B3+0` kuma tana ba da `#VALUE!`. Ku auna tsawonsa da `=LEN(B3)`. Lamba mai harafi biyu ce, in amsar ta fito 3 akwai abin da ke ɓoye. Yawanci wani irin fili ne da ke biyo bayanan da aka kwafo daga intanet, lambarsa 160, alhali filin da muke bugawa lambarsa 32. `TRIM` tana share na 32 ne kawai, shi ya sa mutane ke cewa sun gwada ta ba ta yi ba. Ga abin da ke cire shi:

```
=VALUE(TRIM(SUBSTITUTE(B3,CHAR(160),"")))
```

Ku yi shi a layin gefe, in amsoshin sun yi daidai ku kwafe su, ku liƙa a kan na asali ta `Paste Special`, `Values`.

Wannan cutar ce kuma ke bayan yawancin `#N/A` na `VLOOKUP`, fomular da ke nemo bayanin wani teburi daga wani teburin. Lambar shaida 1045 tana nan a teburin biyu, kuna ganinta da idonku, amma a ɗaya lamba ce a ɗayan rubutu, Excel kuwa ba ya ɗaukarsu abu ɗaya. Kada ku yi saurin lulluɓe fomular da `IFERROR` don allo ya yi tsabta. Kuskuren yana nan, kun dai toshe masa baki ne, kuma layukan da ba a samo ba za su faɗi daga jimla ba wanda ya sani.

Sai dai ba kowane rubutu ake mayarwa lamba ba. Lambar waya ko ta shaida mai farawa da sifili, in aka mayar da ita lamba sifilin zai tafi. Excel kuma yana riƙe alƙaluma 15 ne kawai, daga na 16 zuwa gaba sai ya mayar da su sifili, kuma in an adana ba sa dawowa. Irin waɗannan `Text` ne gidansu, abin da ake buƙata kawai shi ne teburin biyu su zama iri ɗaya.

Kwanan wata ma lamba ce a ɓoye. Idan kuka ga 45292 a inda kuke jiran kwanan wata, fomular ba ta lalace ba, 1 ga Janairun 2024 ke nan, tsarin `Date` kawai take so. A nan canza tsari ya wadatar, tunda abin da ke ciki dama lamba ne. Jerin `#####` kuwa yawanci akwatin ne ya yi wa lambar kaɗan, a faɗaɗa shi. In an faɗaɗa bai tafi ba, ku duba ko an cire babban kwanan wata daga ƙarami, domin akwati mai tsarin `Date` ba ya iya nuna amsar da ta gaza sifili.