Farin filin da ke gefen bakod ba ɓarnar wuri ba ne

Har yanzu in na buɗe durowar da na jibge waɗancan sitikun sai raina ya sosu. Ɗaruruwa ne, takarda mai kyau, kala ta fita fes, kuma ko ɗaya ba zan iya liƙawa a kan robar man shafawar da nake haɗawa a gida ba. Duk saboda wani ɗan fili da bai kai milimita huɗu ba.

Sauran aikin bai ba ni wahala ba. Kayan haɗi na jera su bisa nauyi, mafi yawa a farko, turare da sauran 'yan ƙananan abubuwa a ƙarshe. Nauyi kuma na abin da ke ciki ne kawai: na ɗora robar da murfinta a kan sikeli, na mayar da shi sifili, sannan na zuba man har giram 100. Na sa suna da adireshi da lambar wayar da na san ba zan canza ba, na bar wani ɗan gurbi fari inda zan riƙa buga ranar haɗi da lambar rukuni da hatimi, don kada in sake buga sitika duk lokacin da na yi sabon haɗi. Lambar bakod ɗin ma, mai lambobi 13 irin wadda ake kira EAN-13, na same ta ta hanyar GS1, ƙungiyar da ke ba da lambobin bakod. Sai na miƙa komai ga wani mai zane da ɗab'i, na ce ya tsara.

Ya tsara kuwa, ya yi kyau. Sai dai wurin da ya rage wa bakod ya yi kaɗan, shi kuma maimakon ya faɗa min, sai ya yanke farin da ke hagu da daman layukan, ya matse hoton, ya zagaye shi da wani siririn zane mai duhu wai don ado. Da na karɓa na gwada da wayata, ta karanta nan take. Wannan gwajin ne ya yaudare mu duka.

Ranar da na kai kaya wani kanti, yarinyar da ke kan na'ura ta ɗauki roba ɗaya ta haska. Shiru. Ta juya ta, ta matso da ita, ta ja baya, ta goge fuskar sikana da gefen mayafinta, jan hasken yana ta yawo a kan layukan ba ko ƙyas. Ta ɗauki ta biyu, haka. Ƙarshe ta shiga danna lambobin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ga layi ya fara taruwa a bayana. Manajan ya zo ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba za mu iya danna lamba goma sha uku a kan kowace roba ba. A gyara a dawo."

Ga abin da ya faru. Sikana tana buƙatar fili fari tas kafin layin farko da bayan na ƙarshe, da shi take gane inda bakod ya fara da inda ya ƙare. In wani zane ko rubutu ya shigo wurin, sai ta ɗauke shi a matsayin layi, lissafin ya rikice. Kyamarar waya tana ɗaukar hoton gaba ɗaya ta yi ta kokawa da shi har ta gane, amma sikana mai jan haske ba ta da wannan haƙurin. A cikakken girmansa, faɗin EAN-13 milimita 37.29 ne, tsayinsa 25.93, kuma farin gefen yana cikin wannan faɗin: 3.63 a hagu, 2.31 a dama. Shi ya sa lambar farko take zaune ita kaɗai a waje ta hagu, wasu kuma suna sa alamar > a dama, don mai zane ya san wurin yana da mai shi. Nawa mai zanen ya goge alamar, ya ce ya ɗauka kuskure ne.

Da na koma wurinsa na ce, "Malam, ai ka cinye farin gefen." Ya ce wallahi shi gani ya yi fili yana zaune a banza. Ban ja maganar ba, amma a raina na ce da ka tambaya mana.

Da muka zauna gyara sai wata matsalar ta fito, wadda ko da farin yana nan za ta iya cizo na. Robar tawa zagayayya ce, faɗinta wajen santimita 5. In aka kwantar da bakod mai milimita 37 a jikinta, layukan suna tsaye kamar shinge, gefunansa biyu suna lanƙwashewa su bi bayan robar, sikana ta ga tsakiya sosai, ta ga layukan gefe a matse. Maganin shi ne a juya shi, layukan su kwanta kamar matakan tsani, tsawon bakod ɗin ya bi tsayin robar inda babu lanƙwasa. To amma tsayin sitikata milimita 40 ne, kuma in aka bar milimita 3 sama da ƙasa saboda wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kullum, saura 34. Cikakken girma ba zai shiga ba. Ƙa'ida ta yarda a rage shi zuwa kashi 80 cikin 100, kada a yi ƙasa da haka, wanda ya ba da faɗin milimita 29.83 har da farin gefe. Ya shiga, har da ɗan rara, rarar kuma na bar ta fara maimakon in cusa mata wani ado.

Ragewar ma ba da jan kusurwar hoto ake yi ba. A kashi 80 layi mafi siranta bai wuce milimita 0.264 ba, in hoton JPEG ne aka ja aka matse, bakin layukan sai ya yi dishi-dishi, tawada ta ɗan bazu, fararen tsakani su tsuke. Sabon bakod aka fitar a girman da ake so, a fayil ɗin PDF wanda layukansa ba sa fashewa. Wajen bugawa kuma na tsaya a kan mai zanen sai da ya cire `Fit to page` ya zaɓi `Actual size`, don wancan yana rage komai a ɓoye ba tare da ka lura ba.

Ya so ya mai da layukan ja don su dace da kalar sitikar, nan kam na ƙi. Jan layi a ƙarƙashin jan haske ɓacewa yake yi, sikana fari kawai take gani. Baƙi a kan fari muka tsaya.

Sake tsarin ya ci min wuri, ba ƙarami ba. Sai da jerin kayan haɗi ya koma gefe ɗaya da adireshi, hoton furen da nake ji da shi ya ragu da rabi. Da tun farko aka fara zana akwatin bakod da farinsa, sannan nauyi da kayan haɗi da lambar waya, ado ya samu abin da ya rage, da ba a kai ga yanke komai ba.

A karo na biyu takarda ɗaya tak na ce ya buga, a kan ainihin takardar sitikar mai sheƙi, don sheƙin ma yana iya mayar wa sikana haske. Na sa rula na auna faɗin, na yanka, na liƙa a kan robar da ke cike da mai, na koma kantin nan na roƙi yarinyar ta haska min. Ƙara ɗaya na'urar ta yi. Na ce ta sake daga nesa, ta sake a karkace, duk ta ɗauka. Daga nan na kira shi na ce ya buga sauran.