Abin da yanka bidiyo ba tare da sake matse shi ba ya koya mini

A aikin tace bidiyo, darasin da ya fi yi mini amfani shi ne cewa bidiyon da aka matse ba jerin cikakkun hotuna ba ne. A tsari irin H.264, jefi-jefi ne ake ajiye cikakken hoto, wato kifirem. Sauran firem ɗin bambanci kawai suke ɗauke da shi: me ya motsa, me ya sauya idan aka kwatanta da na kusa da su. Kamar tubalin tsakiyar gini suke, ba sa tsayuwa sai da na ƙasansu.

Shi ya sa idan aka ce wa ffmpeg, shirin kwamfuta na sarrafa bidiyo, ya kwafe ba tare da ya sake matsewa ba, wato da umarnin `-c copy`, ba ya da ikon ƙirƙiro sabon cikakken hoto a inda ake so. Abin da ya tarar shi yake ɗauka.

A ce bidiyo yana tafiya firem 25 a daƙiƙa, kuma an matse shi da x264, shirin da ke matse bidiyo a tsarin H.264, a saitinsa na asali, wanda tazarar kifirem ɗinsa kan kai firem 250. Daƙiƙa 10 ke nan. A ce akwai kifirem ɗaya a daƙiƙa ta 80, wani a ta 90, ni kuma ina son farawa daga ta 87:

```
ffmpeg -ss 87 -i in.mp4 -t 30 -c copy out.mkv
```

Hoton daƙiƙa ta 87 ba zai fito ba sai an faro daga ta 80, don haka ffmpeg zai koma baya, in samu ƙarin daƙiƙa 7 da ban nema ba. In MP4 na fitar, yakan rubuta umarni a cikin fayil ɗin cewa a ɓoye wannan ƙarin. Wata manhajar kallo ta bi umarnin, wata ta yi biris, sai bidiyo ɗaya ya faro daga wuri biyu. Wannan ya fi ba ni haushi, don a kwamfutarka lafiya lau za ka gan shi.

In kuma aka mayar da `-ss`, mai nuna inda za a fara, bayan `-i`, mai nuna fayil ɗin da za a yanka, sai ffmpeg ya zubar da duk abin da ke kafin 87, hoto ya jira kifirem na daƙiƙa ta 90. Alamarsa ita ce murya tana tafiya, allo kuwa baƙi ko a daskare na daƙiƙa 3.

Yanzu kafin in yanka, sai na duba inda kifirem ɗin suke:

```
ffprobe -select_streams v:0 -skip_frame nokey -show_entries frame=pts_time -of csv=p=0 in.mp4
```

Idan akwai wanda ya faɗo kusa da inda nake so, a kansa nake yankawa, aiki ya ƙare nan take, ingancin hoto bai taɓu ba. In kuwa dole sai daidai 87, misali ana tsakiyar magana, nakan cire `-c copy` in sake matse guntun, in haƙura da jira da ɗan raguwar inganci.