Godiya ga Masu Barka, Musamman Wani Aminina

Assalamu alaikum. Ni da iyalina muna miƙa godiya ga 'yan'uwa, maƙwabta da abokan arziki da suka taya mu murnar ƙaruwar da Allah ya ba mu ta 'ya mace, wadda aka haifa ranar Talata da dare, aka kuma raɗa mata suna da safiyar Talatar da ta zagayo, bayan an raba goro da dabino an yanka rago. Kakanninta tuni suka laƙaba mata Talatu, ba su jira shawarar kowa ba.

Haihuwar ba ta zo da sauƙi ba, domin sai da aka yi wa maiɗakina aiki bayan doguwar naƙuda, muka kwana 4 a asibiti. A daren farko, ina zaune a kan benci a bakin ɗakin masu jego, wayata ba ta daina ƙara ba, amma saƙon da ya fi sanyaya mini zuciya shi ne na wani aminina tun na makarantar allo, wanda ya rubuto cewa: "Barka da arziki, ɗan'uwa. Allah ya raya mana ita bisa tafarkin addini, ya ba mai jego lafiya. Kada ka wahalar da kanka wajen ba ni amsa. Gobe da hantsi uwargidana za ta kawo ruwan zafi a fulas."

Na karanta shi ya fi sau 3. Ya ce "ya raya mana", wato ya ɗauki yarinyar tasa ce shi ma. Ya tuna da uwar, wadda a lokacin ko juyawa ba ta iya yi a kan gado, alhali da yawa daga cikin saƙonnin daren jaririyar kaɗai suka ambata. Bai tambaye ni sunan da za a sa ba, ya san wannan sai ranar suna, bai kuma nemi hoto ba. Haka nan bai ce "Allah ya kawo namiji a gaba" ba, maganar da wasu suka yi da kyakkyawar niyya, amma wadda ba ta yi wa matar da ke jinyar ɗinki daɗi ba ko kaɗan. Da hantsin kuwa fulas ya iso.

Ina neman afuwar duk wanda ya kira ban ɗaga ba, ko ya rubuto ban amsa ba. Muna gode wa ma'aikatan jinya, da matan unguwa da suka ɗauki nauyin kunun kanwa da girkin suna, da surukata wadda za ta zauna da mu har a yi arba'in. Uwa da 'ya suna samun sauƙi. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba masu nema nasu.