Talata: kalma huɗu

Tun da hantsi saƙon muryar Hajiya ya shigo: "Malam, wannan ne aikin sati biyun? Ka cinye mini take." Da dariya ta faɗa, amma na ji ɗacin da ke ƙasa.

Tsohon taken yajinta kalma 17 ne: "Ingantaccen yaji mai tsafta, wanda aka haɗa da kayan ƙamshi na gargajiya domin jin daɗinku da iyalanku." Ni kuma na mayar da shi "Cokali ɗaya ya isa."

Sau uku ina rubuta amsa ina gogewa. Ta farko ta kusa cika shafi, sai na ga bai dace in kare gajeren take da doguwar wasiƙa ba. Ga abin da na tura bayan azahar:

"Hajiya, barka da rana. Takardar da ke jikin robarki faɗinta santimita 6 ne. In aka cusa kalma 17, dole rubutun ya ƙanƙance, mai saye kuwa daga bakin kanta yake hangowa, ba zai iya karantawa ba. Na cire 'inganci' da 'tsafta' ne domin kusan duk mai yaji haka yake cewa, ba su bambanta ki da kowa. Abin da masu sayenki suka yi ta maimaita mini shi ne naki yana da ƙarfi, kaɗan ake sawa. Shi na ɗauka. Citta, kanumfari da masoro ba su ɓata ba, sun koma bayan roba kusa da lambar NAFDAC. Ki gwada: karanta wa mutum uku duka biyun, bayan awa ɗaya ki tambaye su wanne suka riƙe."

Na ƙara layi ɗaya da na daɗe ina jujjuyawa: wannan take alkawari ne. Ranar da barkono ya yi tsada aka cika ƙuli-ƙuli, har cokali ɗaya ya daina isa, taken ya zama ƙarya. Dogon ba a iya kama shi da laifi, domin bai yi alkawarin komai ba.

Wuta ta ɗauke. Sadiya ta dawo makaranta da ciwon kai. Garau-garau muka ci.

Bayan magariba amsarta ta zo, a rubuce: "Na gane, Malam. Marigayi Alhaji ne ya tsara mana wancan."

Sati biyu ina auna takarda, ina ƙirga kalmomi, ina bin shaguna, ban taɓa tambayar wa ya rubuta na farkon ba. Har yanzu ina kan bakana, gajeren ya fi dacewa da gaban roba. Amma a saƙon da na haɗa da aikin na kira tsohon "cunkoso", kuma ta karanta.

Gobe zan je gidan da kaina. Na sake aunawa, jimlar Alhaji za ta shiga bayan roba cikakkiya, layi uku, a saman jerin kayan haɗi.