Abin da ake rubutawa a gefen rubutun bidiyo kafin a taɓa waƙar wani

Kuskuren da ya fi cinye wa masu haɗa bidiyo kuɗi shi ne barin maganar waƙa sai ranar tacewa. A lokacin mai tacewa ya riga ya yanka hotuna bisa bugun ganga, mai aiki ya gani ya yaba, sannan a tuna ba a tambayi mai waƙar ba. Shi ya sa maganar izini take farawa tun a rubutun shirin: duk fitowar da za a ji kiɗa, a gefenta akwai ɗan bayani mai faɗin wace waƙa ce, ta wane ne, kuma ina aka kwana da izininta.

A ɗauki bidiyon minti shida da mai shagon kayan fata ya biya a yi masa a kan aikin dukawa a Sakkwato, za a sa a YouTube da Facebook. Marubucin ya rubuta a fitowa ta farko: "A buɗe da tsohuwar waƙar fada, daƙiƙa 40." Wannan layin bai isa bayani ba, domin waƙar da aka naɗa tana da haƙƙi biyu, kuma sau da yawa ba a hannu ɗaya suke ba. Akwai haƙƙin waƙar kanta, wato baitoci da karin murya, wanda yake na mawaƙin ko magadansa. Akwai kuma haƙƙin naɗin, wato ainihin sautin da ke kan faifai ko kaset, wanda yakan kasance na wanda ya ɗauki nauyin naɗawa, kamfanin faifai ko gidan rediyo ko furodusa. Wanda ya samu izinin ɗaya ya bar ɗaya, rabin aiki ya yi.

Nan ne ake yawan cewa ai waƙar ta tsufa, ta zama ta kowa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ba haka ta ce ba. Waƙa tana da kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, naɗin sauti kuma shekara 50 bayan fitowarsa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, ke nan waƙoƙinsa suna da mai su har ƙarshen 2061. Ko da a ce naɗin da ke hannunka ya fito a 1974, wa'adinsa ya cika a ƙarshen 2024, baitocin da karin suna nan a hannun magada. Kasancewar waƙa tana yawo a kowane katin waya a kasuwa bai cire mata mai ita ba.

Saboda haka bayanin da ke gefen fitowa ta farko zai ɗauki sunan waƙar da na mawaƙin, da wane naɗi ne takamaimai (waƙa ɗaya takan samu naɗi uku ko huɗu, na rediyo daban, na wajen biki daban), da daƙiƙar da za a fara ɗauka da wadda za a tsaya, da sunan mai haƙƙin waƙa da na mai haƙƙin naɗi. Idan naɗin yana da lambar ISRC, mai haruffa da lambobi 12, a rubuta ta, domin ita ce ke raba gardama a kan wane naɗi ake nufi. A ƙarshe a sa matsayi da kalma ɗaya: an samu, ana jira, ko an hana. A ganina duk waƙar da take "ana jira" ranar da za a fara tacewa, a ɗauka an hana, a sa wadda aka tanada a madadinta.

Izinin kansa shi ne wurin da kunya take cutar da mu. Ka je gaishe da babban ɗan marigayi, ya ce "Ba komai, Malam, ku sa, Allah ya sa albarka." Doka ta yarda da izinin baki idan ba na keɓancewa ba ne, amma ranar da YouTube ya kama bidiyon babu inda za ka loda "ba komai". Kuma mai yiwuwa shi ɗaya ne cikin magada goma sha biyu, ko wani ɗan'uwansa ya riga ya ba wani kamfanin rarraba waƙoƙi a intanet. Takarda shafi ɗaya ta wadatar, muddin ta faɗi sunan bidiyon, da tsawon abin da za a ɗauka, da dandalin da za a sa, da ƙasashen da za a gani, da tsawon wa'adi, da ko talla ce, da kuɗin da aka biya, da kuma shaidar cewa mai sa hannun yana da ikon bayarwa. Maganar ƙasashe ba ƙawa ba ce: izinin da ya ce Nijeriya kawai bai rufe masu kallo a Birnin Ƙonni ba, ga su nan tsallaken Illela.

Fitowa ta huɗu ta fi sauƙi, masu kalangu ne za a kira su buga a gaban kyamara. Su ma suna da haƙƙi a kan wasansu, don haka a sa su sa hannu a ranar ɗauka, a rubuta cewa sun yarda a naɗa a yaɗa, a kuma tambaye su ko kiɗan nasu ne ko waƙar wani suke maimaitawa.

Waƙar da ba a rubuta a shirin ba ita ce ta fi kama mutane. Ana hira da baduku a rumfarsa, a maƙwabta mai tura waƙoƙi a waya ya ƙure sifika. Kunnen mai ɗauka ya saba, bai ji ba, amma Content ID, tsarin kamun YouTube, yana kwatanta sautin bidiyo da naɗin da masu haƙƙi suka ajiye, bai san ganganci ko kuskure ba. Babu kuma wata ƙa'idar cewa ƙasa da daƙiƙa 30 halal ne, jita-jita ce kawai. Don haka a gefen duk fitowar kasuwa a rubuta: a roƙi maƙwabta su kashe sauti, a saurara da abin kunne kafin a fara. Cire waƙa daga ƙarƙashin muryar mai magana bayan an dawo yakan lalata muryar.

Kiɗan cike gurbi da aka ɗauko daga Audio Library na YouTube ko wani rumbun da ake biya, a rubuta sunansa da irin lasisinsa, a ajiye rasit da hoton shafin na ranar da aka sauke. Mai alamar CC BY yana buƙatar a ambaci mai shi, mai NC kuwa bai halatta a bidiyon mai shago ba tunda kasuwanci ne. Rubuta "ba ni da haƙƙin wannan waƙa" a ƙasan bidiyo ba izini ba ne, amsa laifi ne.

Kafin a saki, a loda bidiyon a matsayin Private ko Unlisted a duba abin da Checks, wato binciken haƙƙin da YouTube ke yi lokacin lodawa, ya nuna. Idan da'awa ta fito, mai haƙƙin yana iya toshe bidiyon, ko ya karɓe kuɗin tallarsa, ko ya bar shi yana bibiya. Mai takarda sai ya shigar da ƙorafi ya kawo bayanin lasisinsa, amma mai da'awar yana da kwana 30 kafin ya amsa, saboda haka bidiyon da ake so ya fita kafin Sallah a loda shi da wata guda a gaba. Wanda ba shi da takarda kada ya yi ƙorafin, ya sauya waƙar. Ƙorafin banza yana iya sa mai haƙƙi ya nemi a sauke bidiyon gaba ɗaya, wannan kuwa gargaɗi ne a kan tashar, mai ɗaukar kwana 90, idan suka taru uku ana iya rufe ta da duk abin da ke cikinta. Wucewa a YouTube kuma ba ya nufin an wuce a Facebook, domin nasu tsarin kamun daban ne, sai an gwada can ma.